Yadda za ka auna daidaiton rubutun da aka kwafo daga murya: lissafin kuskuren kalma da na harafi

A ce ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Ringim ta naɗi hirarrakin manoma arba'in a waya, kan abin da suka shuka da yadda damina ta kasance musu. Ana son a mayar da muryoyin rubutu domin a haɗa rahoto. Matasa biyu sun ce za su iya, akwai kuma wata manhaja da aka ce tana mayar da maganar Hausa rubutu. Wa za a ba aikin? Idan aka tsaya a kan "rubutun wane ya fi kyau a ido", to son rai ne zai yanke hukunci. Akwai ma'auni biyu da ake amfani da su a wannan fanni. Ɗaya yana ƙirga kuskuren kalmomi, a allon kwamfuta za ka gan shi da sunan WER. Ɗayan yana ƙirga kuskuren haruffa, shi ne CER. Lissafinsu ba shi da wuya, ɗan makarantar sakandare zai yi shi a takarda. Inda ake samun matsala shi ne abin da ake yi kafin a fara lissafin, da kuma yadda ake fahimtar lambar da ta fito, musamman da yake rubutun Hausa yana da nasa sha'anin.

Fara da rubutun asali

Ba a auna rubutu da murya kai tsaye. Ana auna rubutu ne da wani rubutun da aka tabbatar daidai yake. Wannan shi zan riƙa kira rubutun asali, wanda ake jarrabawa kuma rubutun gwaji. Rubutun asali shi ne kwanon awonka, idan ya lotsa duk abin da ka auna da shi ya tashi a banza.

Ka zaɓi guntayen murya daga cikin hirarrakin, kada ka ɗauki masu daɗin saurare kaɗai. A sa muryar tsoho mai magana ƙasa-ƙasa, a sa ta mata da aka naɗa a cikin gida yara suna hayaniya, a sa wadda aka ɗauka kusa da injin niƙa ko a bakin kasuwa, a sa ta makiyayin da yake surka Hausarsa da Fulatanci. Idan ka gwada da muryar malamin gona kaɗai, wanda ya zauna a ofis ya yi magana dalla-dalla, lambar da za ka samu ba ta aikin da ke gabanka ba ce. Shawarata ita ce guntayen su haɗa aƙalla kalmomi dubu biyu daga bakin mutane goma ko fiye. Dalili shi ne a gwajin kalmomi 500, kuskure biyar kacal suna motsa sakamako da kashi 1 cikin ɗari, kuma tsoho ɗaya mai wuyar ji zai iya kawo fiye da haka shi kaɗai.

Sai ka sa mutum biyu da suka san Hausar yankin su rubuta guntayen, kowa shi kaɗai, da abin saurare a kunne. Bayan sun gama su zauna tare, duk inda suka saɓa su sake saurare har su daidaita. Kada ɗayansu ya kasance cikin waɗanda za a jarraba. Kada kuma a ɗauki abin da manhaja ta fitar a ɗan gyaggyara shi a ce ya zama rubutun asali, domin ido yana bin abin da ya tarar a rubuce, kurakuran manhajar da yawa za su wuce ba a gani ba, daga baya kuma sai ta fito kamar ta fi kowa.

Kafin mutum biyun nan su daidaita, ka auna rubutun ɗaya da na ɗayan. Idan ƙwararru biyu sun saɓa da juna a kashi 6 cikin ɗari na kalmomi, to ba adalci ba ne ka ce sai mai kwafe ya sauko ƙasa da kashi 3 za a biya shi.

Iri uku na kuskure

Duk bambancin da ke tsakanin rubutun biyu yana faɗawa cikin ɗayan uku. Ko dai an musanya kalma da wata, ko an tsallake kalmar da ke cikin asali, ko an ƙara wadda babu ita. A littattafan fannin da manhajoji ana yi musu alama da S ga musanya, D ga tsallake, I ga ƙari, sai N adadin kalmomin rubutun asali.

```
WER = (S + D + I) / N
```

Ka lura N na rubutun asali ne, ba na gwaji ba. CER ma haka yake, sai dai haruffa ake ƙirgawa a madadin kalmomi. Sharaɗin kuma shi ne a nemi gyara mafi ƙaranci da zai mayar da wannan rubutu ya zama wancan. Wannan dabara ta samo asali daga aikin masanin lissafi ɗan Rasha Vladimir Levenshtein na shekarar 1965, shi ya sa za ka riƙa cin karo da sunansa a manhajojin awon.

Ga jimla daga bakin wani manomi, kamar yadda take a rubutun asali:

ruwan sama ya yi ƙaranci bana shi ya sa muka shuka gero a gonar baba

Kalmomi 15 ne. Matashi na farko ya rubuta:

ruwan sama yayi karanci bana shi ya sa muka shuka gero ne a gonar baba

Shi ma kalmomi 15 ya kawo, amma daidaiton adadi ba ya nufin komai. Ka samu littafin lissafi mai gida-gida, ka rubuta asali a sama, kalma ɗaya a gida ɗaya, gwaji a ƙasansa. "Ruwan" da "sama" sun hau kan juna. A ƙarƙashin "ya" ka sa "yayi", musanya ɗaya kenan. Ƙarƙashin "yi" babu komai, ka bar gidan fayau, tsallake ɗaya. "Karanci" a ƙarƙashin "ƙaranci", musanya ta biyu, domin a wajen wannan ma'auni kalma ko dai daidai take ɗari bisa ɗari ko kuwa kuskure ce. Daga "bana" zuwa "gero" komai ya dace. Sai "ne" da ba ta da abokiya a sama, a nan layin asali ne zai bar gida fayau, ƙari ɗaya. Sauran ukun sun dace. Jimilla S 2, D 1, I 1, wato 4 a kan 15, kashi 26.7 cikin ɗari.

Barin gida fayau ɗin nan shi ne zuciyar aikin. Wanda bai sani ba yakan jera kalma ta uku da ta uku, ta huɗu da ta huɗu, a haka har ƙarshe. Da ya yi haka a wannan jimlar, daga "ya" har zuwa "gero" duk za su goce da gida ɗaya, ya ƙirga kuskure 10, ya ce yaron ya ɓata kashi 66.7. Kuskure huɗu ne, ba goma ba. Wani kuma zai iya cewa "ya" aka tsallake, "yi" aka musanya da "yayi". Wannan ba damuwa, jimillar tana nan 4.

Yanzu haruffa. Jimlar asali tana da haruffa 54, da tazara 14 tsakanin kalmomi, 68 kenan, domin yawancin manhajoji suna ƙirga tazara a matsayin harafi. Haka kuma "sh" da "ts" da "gw", duk da sauti ɗaya ne kowannensu a bakinmu, kwamfuta biyu-biyu take ƙirga su. Gyaran da ake buƙata: tazarar da ta ɓace tsakanin "ya" da "yi" ɗaya, k a madadin ƙ ɗaya, "ne" da tazararta uku. Biyar a kan 68, kashi 7.4 cikin ɗari. Rubutu ɗaya, jimla ɗaya, amma wannan ma'auni ya ce 26.7, wancan ya ce 7.4. Saboda haka duk wanda ya ce maka "kuskurenmu kashi bakwai ne kawai", ka tambaye shi na kalma ko na harafi.

Ga abin da matashiya ta biyu ta rubuta:

ruwan sama ya yi ƙaranci bara shi ya sa muka shuka gero a gonar baba

Kuskure ɗaya tak: "bara" a madadin "bana". A kalmomi 1 a kan 15, kashi 6.7. A haruffa 1 a kan 68, kashi 1.5. A lissafi ta yi wa na farko fintinkau. Amma duk wanda ya karanta rubutun na farko zai fahimci abin da manomin ya faɗa ba tare da wata tangarɗa ba, ita kuwa ta ɗauke ƙarancin ruwan daga wannan shekara ta kai shi shekarar da ta wuce, kuma rahoton kan daminar bana ake yin sa. Ma'aunan biyu ba su san ma'ana ba. Kowace kalma nauyinta ɗaya a wurinsu. Zan dawo kan maganin wannan a gaba.

Ƙa'idar rubutu: a yanke ta kafin awo

A nan ne awon Hausa ya fi lalacewa, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Cikin kurakurai huɗu na matashin farko, uku ba na ji ba ne. Ya ji "ya yi" sarai, ya ji "ƙaranci" sarai. Biyu sun zo daga haɗe kalmomi, ɗaya daga rashin ƙ a madannin wayarsa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: kunnensa nake aunawa ko ƙa'idar rubutunsa? Idan rubutun za a buga shi ne mutane su karanta, to ƙa'ida tana cikin aikin, a ƙirga. Idan kuwa bayanin da ke ciki kawai ake nema, sai a daidaita irin waɗannan a rubutun biyu kafin lissafi. Da an raba masa "yayi", kuskurensa ya koma 2 a kan 15, kashi 13.3, ya ragu da rabi ba tare da ya sake sauraron komai ba.

Rabawa da haɗewa ita ce babba. Daidaitacciyar Hausa tana rubuta "ya yi" da "za mu" da "ba shi" a rabe, tana rubuta "yana" da "muka" da "suke" a haɗe, amma rubutun waya na yau da kullum ya saba da akasin haka. Kowace haɗewa kuskure biyu take jawowa a ma'aunin kalma, ɗaya kacal a na harafi.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ni ina ganin kada a yafe su gaba ɗaya, domin "ƙasa" da "kasa" ko "ɓata" da "bata" ba abu ɗaya ba ne. Abin da ya fi shi ne a fitar da lamba biyu, ɗaya da ƙugiya, ɗaya bayan an shafe ƙugiyoyin a rubutun biyu. Tazarar da ke tsakanin lambobin ita za ta nuna maka nawa ne daga cikin matsalar za a warware da sa wa mutum madannin Hausa a waya.

Sai lambobi. Manomi ya ce "naira dubu biyar", wani ya rubuta haka, wani ya rubuta N5000. Idan asali da kalmomi yake, wannan na biyun ya ci kuskure uku alhali bai ɓata komai ba. A yanke tun farko: ko duk a rubuta da kalmomi, ko duk da alƙaluma. Ga hira da baki, rubutawa da kalmomi ya fi aminci.

Akwai kuma batun ko za a rubuta abin da mutum ya furta ko a gyara masa zuwa Hausar littafi. Mutum ya ce "na gaya mai" ko "na gaya mishi", mai kwafe ya rubuta "na gaya masa" don yana ganin ya kyautata. Idan ƙa'idar ita ce a rubuta yadda aka faɗa, wannan musanya ce. Haka maimaici da kame-kamen magana irin "wato", "ka gane", "to to": ko a rubuta su duka, ko a bar su duka. Kalmomi irin "in sha Allahu" da ake rubutawa ta hanyoyi da yawa, da masu karan ɗori irin "iri-iri", a zaɓar musu siga ɗaya. Duk wannan a rubuta shi a shafi guda, a ba kowa kafin ya fara. Ba daidai ba ne a yanke wa mutum kuɗin aikinsa a kan dokar da ba a faɗa masa ba.

Akwai wani tarko da ido ba ya gani. Alamar da muke sawa a "'ya'ya" da "sa'a" tana da siffofi da dama a kwamfuta: akwai miƙaƙƙiya U+0027, akwai lanƙwasasshiya U+2019 da wayoyi da yawa suke sawa da kansu, akwai U+02BC. A allo kusan iri ɗaya suke, amma manhajar awo tana ganinsu haruffa dabam-dabam, sai ta ci mutum kuskure a kalmar da ya rubuta daidai. Ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y, kuma ƙauyukan Jigawa na kan iyaka irin wajen Maigatari ba a rasa mai rubutu da ita. Hatsari na biyu ya fi wannan: wasu masu shirya awo sukan ba da umarnin a share duk alamomin rubutu, sai wannan alamar ta tafi tare da waƙafi da aya. A nan "'ya" ta koma "ya", wanda ya yi kuskuren barin alamar kuma ya tsira ba a kama shi ba.

Idan rubutun ya yi yawa

Jimla ashirin za ka iya jerawa a takarda, kuma ina ba da shawara ka yi hakan ko sau ɗaya ne don hannunka ya gane aikin. Kalmomi dubu biyu kuwa sai kwamfuta. Akwai ƙaramin kayan aiki mai suna jiwer na Python, wato wani harshen shirya manhajar kwamfuta, ana saukar da shi sau ɗaya da `pip install jiwer` lokacin da aka samu sabis, daga nan yana aiki ba tare da intanet ba. Masu bincike kuma sun daɗe suna amfani da sclite na hukumar NIST ta Amurka. Da farko a daidaita rubutun:

```python
import re, unicodedata

def daidaita(s):
    s = unicodedata.normalize("NFC", s).lower()
    s = s.replace("\u2019", "'").replace("\u02bc", "'")
    s = s.replace("ƴ", "'y")
    s = re.sub(r'[.,?!:;"]', " ", s)
    return " ".join(s.split())
```

Wannan yana mayar da manyan haruffa ƙanana, yana haɗe siffofin alamar nan zuwa ɗaya, yana cire aya da waƙafi amma ya bar ta. Wajibi ne a bi da rubutun biyu ta cikinsa, ba ɗaya kaɗai ba. Ka ajiye rubutun kowane guntun murya a layi ɗaya cikin fayil biyu, asali.txt da gwaji.txt, layi na bakwai a fayil ɗin asali ya zama shi ne na bakwai a na gwaji. Sai ka sa wannan umarnin a ƙarƙashin na sama, a fayil ɗaya.

```python
import jiwer

asali = [daidaita(x) for x in open("asali.txt", encoding="utf-8")]
gwaji = [daidaita(x) for x in open("gwaji.txt", encoding="utf-8")]

print(jiwer.wer(asali, gwaji))
print(jiwer.cer(asali, gwaji))
print(jiwer.visualize_alignment(jiwer.process_words(asali, gwaji)))
```

Amsar tana fitowa kamar 0.267, sai ka ninka da ɗari. Layin ƙarshe yana nuna maka jeren kalmomin da alamar S ko D ko I a ƙarƙashin kowane kuskure. Ka gwada da jimlar manomin nan tukuna. Idan ba ka samu 4 a kan 15 da 5 a kan 68 ba, akwai abin da ya karkace a shirinka. Idan kuma sakamakon gaba ɗaya ya tashi kusa da kashi ɗari, kafin ka zargi kowa ka duba ko layi ɗaya ne ya goce.

Wajen haɗa sakamakon guntaye da yawa, kada ka ɗauki matsakaicin kason kowanne. A ce guntu na farko kalmomi 10 ne da kuskure 5, kashi 50 kenan. Na biyu kalmomi 190 da kuskure 19, kashi 10. Matsakaicinsu 30, amma gaskiyar ita ce kuskure 24 a kalmomi 200, kashi 12. A tara kurakurai duka, a tara kalmomi duka, sannan a raba. Idan ka ba jiwer layukan a tare kamar yadda yake a sama, haka yake yi.

Karanta abin da ya fito

Lambar tana iya wuce kashi ɗari, kuma ba kuskuren lissafi ba ne. Mutum ya ce "to madalla", manhaja ta rubuta "to madalla na gode sosai": ƙari uku a kan kalmomi biyu, kashi 150. Shi ya sa cire lambar daga ɗari a ce "daidaitonsa kaza ne" yake iya ɓatar da mutum.

Ka dubi lambobin biyu tare. Idan kuskuren kalma ya yi sama, na harafi yana ƙasa sosai, kamar na matashin farko, matsalar ƙa'idar rubutu ce, zama ɗaya na koyarwa da madanni mai ƙugiya za su rage ta. Idan duka biyun sun yi sama, to ji ne ba a ji ba, ko an tsallake magana. Sai ka raba kurakuran gida uku. Tsallake ya yi yawa: mai kwafe yana taƙaita magana maimakon ya rubuta ta, ko yana wuce wuraren da suka yi masa wuya, manhaja kuwa takan yi shiru inda hayaniya ta rufe murya ko mutum biyu suka yi magana tare. Ƙari ya yi yawa: wasu manhajoji suna ƙago kalmomi a inda babu magana, ko su yi ta maimaita jimla ɗaya. Amma kafin ka yanke, ka sake sauraron wurin, domin wani lokaci mai kwafen ne ya ji abin da masu rubutun asali suka rasa. Idan haka ne, asali za a gyara, a sake awon kowa.

Ka kuma fitar da lambar kowane rukuni dabam: maza, mata, tsofaffi, muryar cikin hayaniya. Manhaja tana iya samun kashi 20 a jimilla alhali a muryar maza 12 ne, a ta mata 35. Idan aka dogara da ita a haka, maganar mata ce za ta shiga rahoto a gurgunce, kuma babu wanda zai lura tunda jimillar ta rufe abin.

Batun "bana" da "bara" kuwa, maganinsa ƙirga ta uku ce da za ka yi da hannu. Ka bi rubutun asali ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da rahoton ya rataya a kansu: adadin buhuna da kuɗi, sunayen ƙauyuka, sunan iri da taki da maganin feshi, kalmomin lokaci, da "ba" ta korewa, wadda idan ta faɗi zancen ya juye gaba ɗaya. Sai ka ƙirga nawa daga cikinsu kowane mai kwafe ya samu daidai. Idan kalmomin 150 ne, na farko ya ɓata 3, ta biyu ta ɓata 11, ka san wanda za ka ba hirarrakin da suka shafi lissafin amfanin gona, ko da kuwa WER ɗinta ya fi nasa kyau.

Lokacin da za ka kai wa shugabannin ƙungiya sakamako, kada ka miƙa lamba tsirararta. A gefen kowace ka rubuta ko ta kalma ce ko ta harafi, adadin kalmomin da aka gwada da yawan masu maganar, ko an ƙirga ƙugiya da rabon kalmomi ko an yafe su, da kuma yawan saɓanin da aka samu tsakanin mutum biyun da suka rubuta asali. Ka adana guntayen muryar da rubutun asalin yadda suke, kada a ba masu kwafe su yi atisaye da su, domin idan an sabunta manhajar ko an ɗauki sabon mai kwafe bayan girbi, da waɗannan guntayen da wannan shafin ƙa'idar za a sake awon, sannan ne sabuwar lambar za ta kwatantu da tsohuwar.